Gajeren Hannu Tukuna: Koya wa Yara Lokaci da Kalanda da Agogon Kwali

Yaron da ya iya lambobi zai kalli wayar mahaifiyarsa ya karanto 7:50 ba gargada. Amma a tambaye shi minti nawa ya rage a rufe ƙofar makaranta da ƙarfe takwas, sai ya yi shiru yana raba ido. Lambobin ya karanta, lokacin bai shige shi ba. Waya tana faɗin inda ake a yanzu ne kawai, ba ta nuna tafiyar da aka yi ko wadda ta rage. Agogo mai hannu shi ke nuna wannan, domin a fuskarsa yaro yana ganin tazarar da ke tsakanin yanzu da ƙarfe takwas da idonsa, yana kuma ganin yadda take raguwa.

Matsalar ita ce agogon bango yana can sama, bayan gilashi, ba a barin yaro ya taɓa shi. Shi kuwa ɗan shekara biyar ko shida da yatsunsa yake fahimta. Shi ya sa agogon kwali, wanda ba zai ci ko sisi ba in ban da ɗan lokaci, ya fi na bango amfani a farkon koyo. Sai dai yadda akasarin mutane ke amfani da shi ne yake jawo ruɗu: a manna hannu biyu rana ɗaya, a zuba wa yaro awa da minti gaba ɗaya. Abin da nake son iyaye da malamai su riƙe shi ne, gajeren hannu ake fara koyarwa, shi kaɗai, kuma a daɗe a kansa.

Haɗa agogon

Kayan aikin duk suna cikin gida: kwalin taliya ko na sabulu mai ɗan kauri, farantin cin abinci mai faɗin kamar santimita 25, almakashi, farar takarda, biro ko maka ja da shuɗi, maɓalli biyu, allura da zare. A kifa farantin a kan kwalin a zagaye shi da fensir, a yanke. A sake yin haka a kan farar takarda mara kauri.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne rabon lambobi. In aka ba yaro biro aka ce ya rubuta 1 zuwa 12, zai cunkushe su a gefe ɗaya, ya kai 12 tun bai yi rabin da'irar ba. Babba ma in ya yi da ka, sai a ga 4 ta matse 5, ita kuma 8 ta yi nisa da 9. Karkataccen rabo yana koyar da ƙarya, domin duk darasin da ke gaba a kan daidaiton tazarar nan ya dogara. Maganinsa ninki ne. A ninke da'irar farar takardar gida biyu, a sake ninkewa, sai ta koma kwata. Wannan kwatar a ninke ta gida uku daidai, kamar yadda ake naɗe wasiƙa. In aka buɗe za a ga layi goma sha biyu sun fito daga tsakiya, inda suka haɗu kuwa nan ne cibiyar agogon. A manna takardar a kan kwalin da gam.

Yaro ne zai rubuta lambobin, da jan biro, amma da tsari: 12 a sama, 6 a ƙasa, 3 a dama, 9 a hagu, sannan ya cike sauran. Waɗannan huɗun su ne turakun da zai riƙa komawa gare su har ya girma, musamman ranar da ya gamu da agogon da ba lambobi a fuskarsa sai ɗigo.

Hannuwan daga ragowar kwalin za a yanko su. Gajeren ya zama kamar santimita 6, mai kauri, a shafe shi da ja irin na lambobin. Dogon ya kai santimita 12, siriri, shuɗi, tsininsa ya taɓa bakin da'irar. Bambancin tsawon ya fito fili sosai. Hannuwan da suka kusa zama tsawo ɗaya su ne tushen rabin ruɗun yara. Wajen ɗaurawa, a sa maɓalli ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ɗinke su da zare ta tsakiyar kwalin, a ja zaren ya kama yadda hannu zai juya amma ya tsaya inda aka ajiye shi. Kada a yi da ƙusa, kuma in akwai mai rarrafe a gidan a riƙa rataye agogon a sama saboda maɓallin.

Yanzu gajeren kaɗai za a ɗaura. Dogon a adana shi a aljihun tebur.

Makonnin hannu ɗaya

Wani zai ce agogo mai hannu ɗaya ai ba agogo ba ne. Agogo ne. Manyan agogunan hasumiya na Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru da hannun awa kaɗai, sai bayan da Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656, agoguna suka fara kiyaye lokaci sosai, sannan hannun minti ya yaɗu. Mutanen wancan zamani da hannu ɗaya suke gane cewa uku ta ɗan gota, ko ta yi rabi, ko huɗu ta kusa. Abin da yaro zai fara iyawa ke nan.

A fara da daidai: a kai tsinin kan 3, a ce ƙarfe uku. Wannan ba ya ɗaukar kwana biyu. Aikin gaske yana cikin filin da ke tsakanin lambobi. A nuna wa yaro cewa duk filin da ya taso daga 3 har zuwa bakin 4 na ƙarfe uku ne. Yana da kyau a shafe filayen da launi mara duhu, wannan rawaya, na gaba fari, don ido ya ga iyakar kowanne. Sai a riƙa tura hannun a hankali ana tambaya: "Yanzu a filin wa yake?" Ko ya matsa har ya kusa taɓa 4, amsar uku ce. Wanda ya taso daga Kano ya hango Zariya, ai bai shiga Zariya ba tukuna.

Maganganun da za su zauna a bakin yaro a wannan mataki guda huɗu ne, kuma duk yana jin su a gida: uku daidai, uku ta wuce, uku da rabi, huɗu ta kusa. Ba a ambaci minti ba sam. A kuma kula da alkiblar juyi: daga 12 a gangara ta dama. Kada babba ya riƙa mayar da hannu baya don neman sauƙi a gaban mai koyo, domin yaro yana kwaikwayon abin da ya gani fiye da abin da aka faɗa masa.

Tun a nan za a fara haɗa kwalin da agogon bango. Sau uku ko huɗu a rana a ce, "Je ka duba gajeren hannun na bango, ka zo ka gyara naka ya yi daidai da shi." In zai yiwu a sauko da agogon bangon zuwa daidai idonsa. Alamar cewa ya isa a wuce gaba ita ce a kai hannun dab da 8 ya ce "bakwai ce, takwas ta kusa" ba tare da an tuna masa ba, yau da gobe da jibi. Wani yaron sati biyu ya ishe shi, wani sai ya yi wata. Gaggawa a nan ba ta da riba.

Shigowar dogon hannu

Kafin a ɗauko dogon hannu, sai yaro ya iya ƙirga biyar-biyar har sittin. In bai iya ba a tsaya a koyar da tsakuwa ko 'ya'yan dabino, a jera su tsibi-tsibi. Dalili shi ne abin da za a nema a wurinsa yana da nauyi: lambar da ya sani a matsayin 1, yanzu za a ce in dogon hannu ne a kanta, sunanta biyar. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Yaron da ya ruɗe a nan ba daƙiƙi ba ne, abin ne da ruɗarwa.

Dabarar da ta fi sauƙaƙa wannan ita ce a yanko wata da'irar da ta fi ta farko girma, misali da tire mai faɗin santimita 32, a sa ta a bayan agogon yadda bakinta zai leƙo. A kan wannan bakin a rubuta mintoci da shuɗin biro: 5 a saitin 1, 10 a saitin 2, har zuwa 55 a saitin 11. Ja na karanta ja, shuɗi na karanta shuɗi. Sannan yaro ya zana ƙananan sanduna tsakanin lambobi don ya ga daga ina biyar ɗin ta fito. A lura da kyau: sanduna huɗu ne tsakanin kowace lamba biyu, taku na biyar a kan lambar yake sauka. Yara da yawa biyar suke zanawa, sai lissafin ya tashi taku shida.

Ga ƙa'idar da ba a sassauta ta: duk lokacin da dogon hannu ya motsa, sai gajeren ya motsa. A agogon gaske haƙora ne ke haɗa su, dogon ya yi zagaye ɗaya, gajeren ya tafi daga lamba zuwa ta gaba. A kwali ba abin da ya haɗa su sai hannun mai koyarwa. Sau da yawa za ka ga an saita uku da rabi, dogon a kan 6, gajeren kuwa cak a kan 3. Babu agogon da ke nuna haka a duniya. Da uku da rabi gajeren yana tsakiyar 3 da 4 ne. Yaron da aka saba masa da wancan, ranar da ya kalli agogon bango sai ya rasa gane abin da ya sani.

Jerin da za a bi: daidai da rabi tukuna, sannan da kwata, sannan mintoci biyar-biyar. "Saura" ita ce ta ƙarshe, domin tana ambaton awar da ba ta zo ba, ga kuma ƙirga ta baya.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai, mahaifiyarta ta saita mata 7:50 yadda ya kamata: dogon a kan 10, gajeren dab da 8. Amsar da za ta bayar ita ke nuna inda gyara yake. In ta ce "takwas da minti hamsin", mintocin sun zauna, gajeren hannu ne ya yaudare ta saboda ya fi kusa da 8. In ta ce "bakwai da minti goma", awar ta zauna, amma dogon hannu jan lamba ya karanta mata maimakon shuɗi. In kuwa ta ce "ƙarfe goma", to hannuwan ta musanya, watakila ma tsawonsu bai bambanta sosai ba. Kuskure uku ne daban, kowanne da maganinsa, kuma "a'a, sake dubawa" ba ya warkar da ko ɗaya.

A ce ta farkon ta faɗa. Uwar ta ɗora yatsa ta rufe dogon hannun.

"Manta da wannan. Jan a filin wa yake?"

"Ya kusa takwas, Umma."

"Ya shiga?"

"Bai shiga ba. Bakwai ce."

Sai ta ɗaga yatsan, su ƙirga tare daga 12: biyar, goma, har hamsin. Bakwai da minti hamsin. Daga nan ta ce, "To taka nawa ya rage shuɗin ya kai sama?" Yarinyar ta bi da yatsa daga 10 zuwa 11 zuwa 12: biyar, goma. Takwas saura minti goma. A bar ta ta tura shuɗin da kanta har 12, uwar tana matsar da jan ya sauka kan 8, don ta ga cewa maganar biyu lokaci ɗaya suke nufi. Daga baya za a iya jin ta ce "bakwai saura goma", ta haɗa awar farko da saurar ta biyu. Gyaransa tambaya ɗaya ce: saura goma wace awa ta cika?

In ta yi kamar sati tana amsawa ba tare da ta leƙa shuɗin bakin ba, a zare da'irar bayan.

Abin da kwali ba zai iya ba

Agogon kwali ba ya tafiya, saboda haka ba ya koyar da tsawon lokaci. Yaro zai iya saita minti biyar daidai amma bai san ko minti biyar ya isa a ci tuwo ba. Wannan sai da agogon gaske: a rufe ido har minti ɗaya ya cika, a auna minti nawa wanka ke ci, minti nawa ne daga gida zuwa Islamiyya.

Haka nan fuskar agogo ba ta bambance safe da dare. Bakwai ta tafiya makaranta da bakwai ta bayan magariba hoto ɗaya ne. A saba wa yaro da cika maganarsa: na safe, na rana, na yamma, na dare. Lokutan salla suna taimakawa ƙwarai wajen kafa wannan, sai dai kada a ɗaure su da lamba guda. A Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai kusan bakwai. Wanda aka haddace masa cewa magariba shida da rabi ce zai zaci agogo ya lalace. Batun 15:30 da ake gani a waya, wanda yaran makarantun Nijar ke haɗuwa da shi da wuri, a jinkirta shi sai sha biyun sun zauna. A lokacin cire 12 kawai za a nuna.

Daga agogo zuwa kalanda

Gadar da ke haɗa su abu ne da yaro zai yi da hannunsa. Ya ɗora jan hannu a kan 6 na safe, ya zagaya da shi yana faɗin abin da ake yi: makaranta, azahar, la'asar, har ya dawo 6 na yamma. Ya sake zagayawa: isha'i, barci, asuba, ya dawo 6 na safe. Zagaye biyu, kwana ɗaya. Sai a miƙa masa fensir ya soke gida ɗaya a kalanda. Daga ranar, soke gidan jiya ya zama aikinsa na kowace safiya.

Kalandar a zana ta da hannu ta fi, wata ɗaya a takarda ɗaya: gida bakwai a kwance, layi biyar ko shida a tsaye, sunayen ranaku a sama daga Lahadi zuwa Asabar. Tambayar da ke buɗe kan yaro ita ce a wane gida za a rubuta 1. Kusan kowane yaro gidan farko na hagu zai nufa. A watan Oktoba na 2025, alal misali, 1 ga wata, ranar tunawa da samun 'yancin kan Nijeriya, Laraba ce. Gidajen Lahadi da Litinin da Talata na layin farko haka za a bar su fayau, domin na watan Satumba ne. Yaro ya cike har 31, wadda ta faɗo Juma'a, sai a tambaye shi: to 1 ga Nuwamba wace rana ce? In ya ce Asabar, ya gane cewa wata yana ƙarewa amma mako ba ya tsayawa.

Kurakuran kalanda biyu ne suka fi yawa. Na farko, in yatsa ya kai Asabar sai ya gangara ƙasa kai tsaye maimakon ya koma hagu a layi na gaba. Yaron da ya saba da karatun allo daga dama zuwa hagu yakan buƙaci a nuna masa alkiblar a fili. Faifan mako yana taimakawa: wata da'irar kwali mai gida bakwai da hannu ɗaya, inda zai ga Lahadi tana bin Asabar ba tsinkewa. Bakwai ba ta ninkuwa kamar sha biyu, don haka a zagaye bakin da zare, a yi alama kusan kowane santimita 11 in farantin nan ne aka yi amfani da shi. Da faifan ne kuma jiya da shekaranjiya, gobe da jibi da gata suke samun wurin zama.

Na biyu shi ne ƙirgen kwanakin da suka rage. Yau Juma'a 3 ga wata, biki 10 ga wata; yaro ya fara ƙirga daga gidan da yake tsaye, ya samu takwas. A ce masa barci zai ƙirga: sau nawa za ka kwanta ka tashi kafin bikin? Bakwai. Daga nan a nuna masa cewa gangarawa gida ɗaya ƙara bakwai ne: Juma'o'in watan su ne 3, 10, 17, 24, 31. Rana ita yau tana ƙarƙashin yau.

Tsawon watanni kuwa a dunƙulallen hannu ake riƙe shi. A bi ƙasusuwan gindin yatsu da kwarin da ke tsakaninsu: tudu 31, kwari 30. Janairu tudu, Fabrairu kwari, har Yuli a tudun ƙarshe, sai a koma tudun farko da Agusta. Fabrairu ce ta fita daban, 28 take, sai a shekara irin 2024 da 2028 ta yi 29.

Yaranmu kalanda biyu suke rayuwa a ciki, kuma yawancin kalandun da ke rataye a gidajenmu suna da ƙaramar lamba ta Hijira a kusurwar kowane gida. Kada a koyar da su tare. In ta Miladiyya ta zauna, sai a ƙara ta Hijira da koren biro a kalandar da ya zana, a bayyana masa cewa watanta 29 ne ko 30, ganin jinjirin wata ke yanke hukunci, don haka lambar da aka buga a takarda tana iya saɓawa da kwana ɗaya. Shekararta kwana 354 ce ko 355, shi ya sa azumi ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Akwai kuma abin da ke ruɗa har manyan yara: a wannan lissafin rana daga faɗuwar rana take farawa, saboda haka daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan yinin Alhamis, alhali a lissafin boko sabuwar rana sai sha biyun dare. Watan azumi ne ya fi dacewa da wannan darasi, domin a cikinsa yaro yana da dalilin duba duka biyun kullum: kalanda don ya san azumi na nawa aka kai, agogo don ya saita jan hannu da shuɗi a kan lokacin shan ruwa, ya kuma riƙa gyara su in mintocin sun matsa.